Takardar da ke Jikin Firjin Rigakafi, da Abin Yi Idan Sanyi Ya Yanke

A duk asibitin da ake yi wa yara allurar rigakafi akwai wata takarda da ake liƙawa a jikin firji, ko a bangon da ke kusa da shi. Iyaye mata da ke zaune a benci da katin yaransu ba safai suke kula da ita ba. Layuka ne a jere, kowace rana ta wata da gidanta, kowane gida an raba shi biyu, safe da yamma. A tsakiya akwai wani fili da aka keɓe, daga digiri 2 zuwa digiri 8 a ma'aunin Salshiyas. Aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya duba sanyin firjin sau biyu a rana, ya ɗiga alama a inda ma'auni ya nuna, ya sa hannu. Ba Asabar, ba Lahadi, ba ranar Sallah: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ware ranar hutu ba, domin firji bai san hutu ba.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne maganin rigakafi ba ya nuna lalacewarsa. Kwalbar da ta sha zafi har ƙarfinta ya tafi, da wadda take lafiya lau, a ido duk ɗaya suke. Za a zuƙa a sirinji, a yi wa yaro, ya yi kukansa, a cike masa kati, uwa ta goya shi ta tafi gida da kwanciyar hankali. Sai bayan wata da watanni, idan ƙyanda ko mashaƙo ya shigo unguwa, a ga yaron da ke da cikakken kati ya kwanta. Ƙarfin da maganin ya rasa kuma ba ya dawowa, ko da an mayar da shi cikin sanyi daga baya. Kowane zafi da ya sha yana taruwa ne a kan na baya.

Kafin kwalba ta iso hannun ma'aikaciyar da ke riƙe da sirinji, ta yi doguwar tafiya. A Najeriya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ce ke karɓar magungunan idan jirgi ya sauke su, a ajiye su a babban rumbun sanyi na ƙasa da ke Abuja, daga nan su wuce rumbunan shiyya, irin na Kano da ke kula da Arewa maso Yamma, sai rumbun jiha, sai na ƙaramar hukuma, sai firjin asibitin mazaɓa, sai ƙaramar kular da ake ratayawa a babur zuwa ƙauye. Wannan jeri shi ake kira sarƙar sanyi. A manyan rumbuna akwai injiniyoyi da janareta da na'urorin da ke ƙara idan an samu matsala. Can ƙasa kuwa, a asibiti mai ɗaki uku, sau da yawa mutum ɗaya ne da biro da takarda.

Zafi ake tsoro, sanyi ke ɓarna

Duk wanda ya san zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, zai ɗauka cewa zafi ne kaɗai abokin gabar rigakafi. Zafi yana ɓarna, ba shakka. Maganin shan inna da ake ɗigawa a baki shi ne ya fi kowanne rauni a gabansa, sai na ƙyanda da sauran waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Amma zafi yana da ɗan sanda a jikin kowace kwalba. Tun shekarar 1996 aka fara liƙa wa kwalaben maganin shan inna wani ɗan tambari da ake kira VVM, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa kusan duk magungunan da UNICEF ke sayowa. Da'ira ce mai ɗan duhu, da wani ɗan murabba'i mai haske a cikinta. Duk lokacin da kwalbar ta sha zafi, murabba'in yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa baya. Muddin ya fi da'irar haske, kuma wa'adin maganin bai ƙare ba, ana iya amfani da shi. Ranar da launinsa ya yi daidai da na da'irar, ko ya fi ta duhu, kwalbar ta gama aiki.

Tamburan ma ba iri ɗaya ba ne, an yi kowanne daidai da juriyar maganin da yake gadi. Na maganin shan inna yana kaiwa ƙarshe cikin kwana 2 idan aka bar shi a digiri 37. Akwai na kwana 7, da na 14, da na 30 ga masu jimiri irin maganin ciwon hanta. Wannan ya sa ɗauke wuta na 'yan sa'o'i ba lallai ya zama asarar duk abin da ke cikin firji ba.

Daskarewa ita ce ba ta da irin wannan mai gadi. Tambarin VVM ba ya ganin sanyi ko kaɗan. Kwalba za ta iya zama ƙanƙara cikin dare, ta narke kafin gari ya waye, tambarinta yana nan fari tas. Kuma magungunan da daskarewa ke kashewa su ne ginshiƙin rigakafin jarirai: Penta, wadda ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta da wata ƙwayar da ke jawo sanƙarau da ciwon huhu, allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa, PCV ta ciwon huhu, Td da ake yi wa masu juna biyu, HPV ta 'yan mata, da allurar shan inna ta IPV. Yawancinsu an haɗa su da wani sinadarin gishirin alminiyam wanda ke riƙe da maganin, yana taimaka wa jiki ya gane shi ya yi masa garkuwa. Idan ruwan ya daskare, wannan sinadari yakan dunƙule ya rabu da ruwan, kamar kunun da ya tsinke, kuma girgizawa ba ta mayar da shi yadda yake. Maganin ciwon hanta yana iya daskarewa da zarar sanyi ya sauka rabin digiri kawai ƙasa da sifili.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani nazari da masana daga ƙungiyar PATH suka wallafa a 2007, bayan sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe masu arziki da matalauta, ya gano cewa tsakanin kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari na firji ko na jigilar da aka duba sun jefa magani cikin sanyin daskarewa. A binciken da aka bi kaya tun daga tushe har ƙarshen tafiya, kashi 75 zuwa 100 na kayan sun gamu da irin wannan sanyi a wani wuri a hanya. Mafi yawan wannan ɓarna daga kyakkyawar niyya take fitowa: ma'aikacin da ke tsoron zafi, ya murɗa firji zuwa ƙarshen sanyinsa, ko ya jera kwalabe a jikin ƙanƙarar da ya ciro yanzu daga firiza.

Abin da takarda mai gaskiya take kama da shi

Tsohon ma'aunin zafi mai sanda yana faɗin abin da ke faruwa ne a daidai lokacin da aka dube shi. Idan an duba da ƙarfe takwas na safe da huɗu na yamma, to sa'o'i goma sha shida na dare ba mai shaida. Shi ya sa yanzu ake sa wata 'yar na'ura a tsakiyar kwalaben, wadda ba ta kai wayar hannu girma ba, tana auna sanyi dare da rana tana riƙe bayanin kwana 30. Wadda aka fi sani a asibitocinmu ita ce Fridge-tag. Fuskarta tana nuna sanyin yanzu, da alamar OK idan komai lafiya, ko X idan an ƙetare iyaka. An saita ta a kan ƙa'ida biyu. Idan zafi ya wuce digiri 8 ya zauna sa'a 10 a jere, za ta yi alama. Idan sanyi ya sauka ƙasa da rabin digiri a bayan sifili ya zauna minti 60, za ta yi alama. Bambancin sa'a goma da sa'a ɗaya kaɗai ya isa ya nuna wanne ne ya fi gaggawar ɓarna. Idan aka danna maɓallin READ, tana nuna mafi zafi da mafi sanyin da aka kai a kowace rana, da tsawon lokacin da aka yi a wajen iyaka.

Na'urar ba ta soke takarda ba. Ita na'ura tana ajiye lamba ne, ba ta gyara firji, ba ta buga waya. Rubutun safe da yamma shi ke tilasta wa ɗan Adam ya tsaya a gaban firjin ya duba. Bayan ɗigon sanyi, takardar tana da gurbin rubuta ko an ga alamar gargaɗi, da gurbin abin da aka yi a kai, kuma wannan gurbi na ƙarshe shi ne aka fi bari fayau. A ƙarshen wata ana cire ta a adana a fayil, a liƙa sabuwa.

Masu duba asibitoci da suka daɗe a aikin sun san wata irin takarda da ke sa su tsuke fuska: wadda aka rubuta digiri 5 safe da yamma tun daga ranar ɗaya har talatin, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, layi miƙe sambal. Firji na gaske ba ya haka. Da asuba yakan yi ƙasa, da rana idan ana buɗe shi yakan ɗan hau, ranar da aka kawo sabon kaya yakan ɗaga kafin ya sauka. Takardar da ba ta motsi, galibi an cike ta ne a zama ɗaya, daren da aka ji labarin masu duba suna tafe. Gara wadda ke da gibi biyu da ɗigo ɗaya a digiri 9 da bayani a gefensa. Laifin kuma ba na ƙaramin ma'aikaci kaɗai ba ne. Inda shugabanni ke ɗaukar kowane ɗigo da ya fita layi a matsayin abin tuhuma, to sun koya wa na ƙasa su riƙa kawo musu takarda mai kyau maimakon takarda mai gaskiya.

Takarda mai gaskiya tana yin gargaɗi tun kafin a yi asara. Idan lambar safe ta fara sauka a hankali, 4, sai 3, sai 2, a kwanakin hunturu da dare ke sanyi, firjin yana hanyar daskarar da kaya ne, a sassauta shi. Idan lambar yamma ce ke hawa kullum, a duba robar bakin ƙofa, a duba ko ƙanƙarar da ta taru a ciki ta wuce rabin santimita, a duba ko an matse firjin da bango har iska ba ta ratsa bayansa. Idan mai amfani da hasken rana ne, a hau a duba faifan sola, domin ƙurar hunturu tana rufe shi ta rage masa ƙarfi. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe sun wadatar.

Safiyar wata Litinin

A ɗauki misalin wani ƙaramin asibiti da har yanzu yake amfani da firji irin na gida, mai ƙofa a gaba da maɓallin murɗawa. Ranar Litinin da ƙarfe takwas ma'aikaciyar rigakafi ta iso, mata sun fara taruwa. Na'ura ta nuna digiri 4, lamba mai kyau. Amma a gefe akwai X. Da ma'aunin sanda ne kawai, da ta ɗiga 4 ta fara aiki.

Ta danna maɓalli ta koma baya. Ranar Asabar zafi ya kai digiri 11, ya yi sa'a shida a sama da 8, bai kai sa'a goman da za ta sa na'ura ta yi alama ba. A daren Lahadi wayewar Litinin kuwa sanyi ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili, ya zauna sa'a biyu da rabi. Da ta tambayi wanda ya yi aikin ƙarshen mako sai labari ya fito. An ɗauke wuta ranar Asabar, ya ga lamba tana hawa, ya murɗa maɓallin zuwa ƙarshe don ya taimaka. Murɗawar ba ta yi komai ba a lokacin, tunda babu wuta. Da aka kawo wuta sai injin ya kama aiki ba tsayawa har ya zarce. Wannan kuskure ne da littattafan horo suka yi gargaɗi a kansa ƙarara: ba a ƙara wa firji sanyi don an ɗauke wuta, ba a kuma ƙara masa don an zuba sabon kaya. A bar shi ya dawo da kansa.

Abu na farko da za ta yi shi ne ta dakata. Ba za ta yi wa kowa allura daga kwalaben da ake zargi ba, ba kuma za ta zubar da su ba. Duka biyun kuskure ne da gaggawa ke jawowa: na farko yana cutar da yara, na biyu yana ƙone dukiya mai tsada da wataƙila lafiyarta ƙalau. Za ta ware su a leda ko kwali, ta rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa kada a yi amfani da su, sannan ta ci gaba da ajiye su a cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 kamar lafiyayyu. Idan aka bar su a kan tebur da sunan ai sun riga sun lalace, to an yanke musu hukunci kafin shari'a.

Sai ta rubuta, tun abin yana sabo: ranar da lokacin da ta gani, mafi zafi da mafi sanyin da na'ura ta nuna, tsawon kowanne, da abin da ya jawo. Ta mayar da maɓallin inda yake a da. Ta ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya, kowane iri da yawan kwalabensa, da lambar rukunin da kamfani ya buga a jiki, da ranar ƙarewar wa'adi, da halin tambarinsa, da inda yake zaune a cikin firjin. Sannan ta kira jami'in sarƙar sanyi na ƙaramar hukuma. Lambarsa, da ta mai gyara, da sunan asibiti mafi kusa mai firji lafiyayye, ya kamata a ce suna rubuce a bango tun kafin ranar, ba a fara neman su a wayar wani ba.

Yanzu kayan sun rabu gida biyu. BCG da maganin ƙyanda da na shawara gari ne busasshe a kwalba, daskarewa ba ta cutar da su. Maganin shan inna na baki ma a firiza ake ajiye shi a manyan rumbuna. Abin tambaya a kansu shi ne zafin ranar Asabar, kuma tambarinsu zai amsa. Sa'a shida a digiri 11 da wuya ta kai ko da mafi rauninsu ga ƙarshe, sai dai in dama ya kusa. Waɗanda murabba'insu ya fara duhu amma bai kai ba, a jawo su gaba a fara amfani da su. Ruwan da ake dama garin da shi kuma a duba shi da kyau, don idan ya daskare kwalbarsa tana iya tsagewa. Da wannan, yaran wata tara da suka zo allurar ƙyanda da shawara za su iya samun tasu a ranar. Jariran sati shida da goma da sha huɗu, masu jiran Penta da PCV, sai an kawo wasu daga ƙaramar hukuma, ko a ba iyayensu haƙuri tare da faɗa musu takamaimiyar ranar dawowa.

Gwajin girgiza

Hukuncin Penta da PCV da Td da na ciwon hanta yana hannun wani gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar ɗakin bincike. Duk kwalbar da aka samu a daskare ƙiri-ƙiri ba ta bukatar gwaji, ta tafi. Ga sauran, ana ɗaukar kwalba ɗaya daga irin maganin, kamfani ɗaya, rukuni ɗaya, a sadaukar da ita. A rubuta a jikinta cewa an daskarar da ita da gangan, a sa ta a firiza ta kwana har ta zama dutse, a fito da ita ta narke da kanta ba tare da an ɗumama ta ba. Ita ce ma'auni.

Sai a riƙe ta tare da kwalbar da ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza su da ƙarfi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a kan tebur inda haske ke ratsa su, a zuba ido. A cikin wadda aka daskarar, ɗan farin garin zai yi saurin kwantawa a ƙasa, ruwan sama ya washe. Idan wadda ake zargi ta daɗe da gurɓinta, tana kwantawa a hankali fiye da ma'aunin, ba ta daskare ba, ana iya amfani da ita. Idan tare suke kwantawa, ko ma ta riga, ta lalace. Ana maimaita wannan ga kowane iri da kowane rukuni, ba a ɗauki sakamakon Penta a yanke wa Td hukunci da shi ba. Wani bincike da Dakta Ümit Kartoğlu na Hukumar Lafiya ta Duniya ya jagoranta, aka wallafa a 2010, ya gwada wannan hanya a kan kwalabe 475, kuma ta bambance daskararru da lafiyayyu ba tare da kuskure ba.

Gwajin yana da iyaka. Yana aiki ne kawai a kan magungunan da ke da sinadarin alminiyam. IPV ba ta da shi, ruwa ce garau, girgiza ba za ta nuna komai ba. Idan shaida ta nuna ta shiga sanyin daskarewa, jami'i ne zai yanke, kuma galibi cire ta ake yi. Abin da aka tabbatar ya lalace ana fitar da shi daga firji, a rubuta shi a littafin kaya a matsayin asara tare da dalili, a mayar wa ƙaramar hukuma don a lalata shi bisa ƙa'ida. Idan kuma bincike ya nuna an riga an yi wa wasu yara allura daga rukunin da ya lalace, rajista ce za ta nuna su waye, hukuma ta yanke shawarar sake yi musu.

Idan firjin ne ya mutu gaba ɗaya

Da a ce da safen ta tarar firjin shiru, lamba tana hawa, to lissafin na lokaci ne. A fara da abu mai sauƙi: fulogi, fis, na'urar daidaita wuta, ƙofar da ba ta rufu ba. A daina buɗe shi. Firjin da aka ƙera don rigakafi, mai buɗewa ta sama da bangon ruwa mai daskarewa a cikinsa, yana iya riƙe sanyi kusan yini da dare ba wuta idan an bar shi a rufe. Na sola marar batir, irin wanda tallafin Gavi ya yawaita a mazaɓun Najeriya, yana tara sanyinsa ne a matsayin ƙanƙara, an kuma ƙera shi ya jure kwana uku na hadari ko hazo. Firjin gida kuwa 'yan sa'o'i ne ya ɗumame. Idan babu alamar gyara kafin wannan lokaci ya cika, a kwashe kaya zuwa babban akwatin sanyi, wanda ke riƙewa kwana biyu ko fiye, ko a kai su asibitin da aka riga aka yi yarjejeniya da shi, na'urar auna sanyi tana tare da su.

A nan ma daskarewa tana laɓe. Robar ƙanƙara da ta fito daga firiza tana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kuma Penta da ta jingina da ita ta gama yawo. Sai an shimfiɗa robobin a kan tebur, an jira har sun fara gumi, an girgiza an ji ruwa yana motsi a ciki, kafin a jera su a akwati. A lokacin zafi wannan yana ɗaukar kamar rabin sa'a ko fiye, da hunturu ya fi haka. Mai babur yana jira, rana tana yi, shi ya sa wannan mataki ne aka fi tsallakewa.

Akwai wata iyaka da ba ta da sassauci ko kaɗan. Da zarar an dama BCG ko maganin ƙyanda ko na shawara da ruwansa, sa'a shida gare shi a cikin sanyi, ko ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa. Daga nan sai zubarwa. Ba su da sinadarin hana ƙwayoyin cuta tsiro, don haka damammen da ya kwana ba rauni kawai yake yi ba, yana iya zama guba. A watan Mayun 2017, a yankin Kapoeta na Sudan ta Kudu, yara 15 sun mutu bayan wani gangamin rigakafin ƙyanda. Binciken gwamnatin ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya gano cewa an ajiye maganin kwana huɗu ba sanyi, an yi ta dama shi da sirinji ɗaya tak, kuma waɗanda suka yi aikin ba su da horo. Ba maganin ƙyanda ne ya kashe su ba, yadda aka riƙe shi ne.

Mai karatu da ke zaune a kwamitin ci gaban mazaɓa, ko mai unguwar da asibiti ke ƙasarsa, yana da abin yi a nan wanda ba ya bukatar ilimin likita. Idan ya shiga asibitin, ya nemi a nuna masa takardar wannan wata. Ya duba ko an cike Asabar da Lahadi, ko lambobin suna motsi, ko akwai lambar wayar jami'in ƙaramar hukuma a bango, ko an sa ruwan leda da abincin ma'aikata a cikin firjin, ya kuma tambayi wa ke wanke faifan sola da wa ke riƙe da makulli ranar hutu. Uwa kuma tana da damar ta ce a nuna mata tambarin kwalbar kafin a yi wa ɗanta allura. Idan wata rana aka ce mata ta dawo jibi domin ana binciken firji, ta dawo jibin, da katin a hannunta.